Batir na yunit nawa zai rage min kuɗin kVA a otal?

"Assalamu alaikum injiniya. Ni ke kula da wani otal mai ɗakin taro a nan Birnin Kebbi. Wani kamfani mai zaman kansa ne ke ba mu wuta, kuma ban da kuɗin yunit suna cajin mu naira 12,000 kan kowane kVA na lodi mafi yawa da muka ja a wata, awon minti 30. Watan Afrilu mita ta nuna 200 kVA, wato naira miliyan 2.4. Wani mai sola ya ce in sa batir 200 kWh a kan miliyan 80 matsalar ta kau. Don Allah girman ya yi daidai ko ya yi yawa?"

Wa'alaikumus salam. Malam kar ka biya kuɗin nan tukuna, ka ɗan dakata. Ga dukkan alamu mai solar nan ya ga 200 a kan takardar bil ɗinka ne shi ma ya rubuta 200 a tashi takardar, alhali lambobin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na bil ɗin ƙarfin jan wuta ne a lokaci guda, na batirin kuma, kWh wato yunit, yawan wutar da zai iya ajiyewa ne, kamar dai faɗin bututu da girman tanki, sanin ɗaya ba ya gaya maka ɗayan. Girman batirin da kake buƙata yana fitowa ne daga tsawon lokacin da lodinka ke zama a can sama, ba daga yadda ya kai sama kaɗai ba, kuma wannan ba a ganin shi a bil, sai a cikin bayanan mita.

Kafin in shiga lissafi, wata magana ga sauran masu karatu don kar wani ya je ya sayi abin da ba zai rage masa ko sisi ba. In kana kan layin kamfanin raba wuta na Kaduna, wanda ke ba Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ɗauko bil ɗinka ka duba da kyau. Ko da an rubuta maka MD1 ko MD2, wato rukunin manyan kwastomomi, lissafin kuɗin na yunit ne, kuma tun 2016 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta cire tsayayyen cajin wata-wata daga bil. In babu layin da aka ninka kVA da naira, to aske kan lodi da batir, wato batir ya ɗauki rarar lokacin da lodi ya fi yawa, ba zai taɓa bil ɗin ba, sai dai ya taimaka maka ta wajen janareta ko taransifoma da ta yi maka kaɗan. Cajin kVA ɗin nan a ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Kenya yake cikin farashin manyan kwastomomi na yau da kullum, a nan gida kuma a yarjejeniya irin ta mai tambaya ake cin karo da shi.

To yanzu ga yadda mitarka ke aiki, don komai daga nan yake tashi. Ba wai tana kama lodin daƙiƙa ɗaya ba ne. Tana tara wutar da ka sha a cikin minti 30 ta fitar da matsakaici, ta ajiye, ta shiga minti 30 na gaba, haka har wata ya ƙare, a wata mai kwana 30 kenan ta yi awo 1,440, sai ta ɗauki mafi girma guda ɗaya tak, shi ne ka biya miliyan 2.4 a kansa. Mutane da yawa suna zargin famfon bohol ko kwamfireson esi da ke fizgar wuta lokacin tashi, gaskiya ne motar da ke juya su na iya jan ninki biyar ko shida na karent ɗinta lokacin tashi, amma na 'yan daƙiƙu ne. Ka ce fizgar ta ƙara kilowat 50 na daƙiƙa 5, in ka baza ta cikin daƙiƙa 1,800 da ke cikin rabin awa ko kashi ɗaya cikin biyar na kilowat ɗaya ba ta kai ba. Abin da ke cin kuɗinka shi ne na'urori da yawa su haɗu suna aiki tare na rabin awa cur, esin ɗakin taro da na ɗakuna da kicin da wanki da famfo.

Abu na farko da za ka yi, kuma kyauta ne, ka ce wa kamfanin su sauke maka bayanan mitar na kowane rabin awa, na shekara guda in akwai, kW wato kilowat, da kVA duka. Irin waɗannan mitoci suna ajiye shi. In sun yi maka hanya-hanya ka sa a ɗaura maka na'urar awo a kan babban layin da ya shigo ginin, amma a bari ta daɗe, aƙalla wata guda, kuma ya zama watan zafi mai biki a ciki. Awon da aka yi a Disamba lokacin hunturu, rabin esi a kashe, ba zai gaya maka komai game da Afrilun Kebbi ba.

Abu na biyu, tunda da kVA ake cajin ka ba da kilowat ba, duba lambar da mita ke nunawa a gaban PF, ita ce ke nuna kaso nawa na kVA ɗinka ne ya yi aikin gaske. Otal mai esi da firiza da famfo da yawa sau da yawa za ka same shi wajen 0.85, bari mu ɗauka naka kenan. Ma'ana 200 kVA ɗin nan aikin gaske da ke cikinsa kilowat 170 ne, sauran karent ne da motocin da ke juya na'urorin ke ja suna mayarwa ba tare da ya yi aiki ba, amma kana biyan kuɗinsa. In aka sa bankin kafasita mai sarrafa kansa na wajen 50 kvar ya ɗaga lambar zuwa 0.95, kilowat 170 ɗin zai koma kimanin 179 kVA. Ka rage 21 kenan, naira 252,000 duk watan da lodi ya kai haka, ba ka sayi batir ko ɗaya ba, kuma kuɗin kafasita bai kama ƙafar na batir ba. Sai dai a sa wanda ya san aikin, ya auna layin kafin ya zaɓa, ya kuma tsara yadda bankin zai fita in an koma kan janareta da ƙaramin lodi, don kafasita da yawa a kan janareta na iya rikita masa bolteji.

Daga nan sai batir. Zan ɗauki misalin rana mafi nauyi irin ta otal kamar naka, ranar Asabar cikin Afrilu ana walima a ɗakin taro, in bayananka sun zo sai ka cire nawa ka zuba naka. Da 12:30 na rana lodi na kan kilowat 118, ƙarfe 1 ya zama 128, da rabi 138, ƙarfe 2 ya kai 152 an kunna duk esin zauren, 2:30 ya kai 164, ƙarfe 3 ya bugi 170 wanda shi ne ƙololuwa. Daga nan ya fara sauka, 160, 148, 140, 132, 124, har ƙarfe 6 ya dawo 116.

Yanzu sai ka ja layi, ka ce wa kanka daga layin kamfani ba zan ja fiye da kaza ba, duk abin da ya haura batir ne zai biya. Tazarar da ke tsakanin ƙololuwa da layin ita ce ƙarfin inbata. Jimillar abin da ya haura layin a duk tsawon lokacin kuma, ita ce yunit ɗin da batir zai fitar. A Excel, lodi a layin B, iyakar da ka zaɓa a E1, ga abin da za ka rubuta ka ja shi ƙasa:

```
=MAX(0,B2-$E$1)*0.5
```

0.5 ɗin nan rabin awa ne. Sai ka tara sakamakon kowace rana daban, ka nemi ranar da jimillarta ta fi ta kowa.

Mu gwada layi a kan 160. Rabin awa biyu ne kawai suka haura, 164 da 170, rarar 4 da 10, jimilla 14, rabinsa yunit 7. Wato da yunit 7 kacal ka sauke kilowat 10. Sauko da layin zuwa 150, yanzu huɗu ne suka haura, rarar 2 da 14 da 20 da 10, jimilla 46, yunit 23. Kaga goma na biyun ya ci yunit 16, fiye da ninki biyu na goman farko, duk da cewa kuɗin da zai rage maka a bil iri ɗaya ne. A 140 jimillar ta zama yunit 47, a 130 ta zama 82, a 120 kuma 128. Wato goma na uku ya ci 24, na huɗu 35, na biyar 46. Dalili a fili yake, can sama lodin tsini ne na ɗan lokaci, amma duk sanda ka ƙara saukowa kana shiga inda ya fi faɗi, a 160 batir aikin awa ɗaya zai yi, a 120 kuwa awa biyar zai yi yana bayarwa ba hutu. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai, domin a nan ne masu gini ke zubar da miliyoyi, ana sayar musu da goma na huɗu da na biyar da farashin da ba zai dawo ba.

Yunit ɗin da muka samu su ne waɗanda dole su fito su isa ga lodi, ba su ne za a rubuta a jikin batirin ba. Abu uku ke cin wani kaso. Batirin litiyam irin wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa ba a tatse shi har ƙasa, ka ɗauka kashi 90 cikin 100 za ka yi amfani da shi. Inbata da wayoyi suna cin kamar kashi 5 lokacin fitarwa. Sannan batir na tsufa, kuma dole ya iya aikin ko bayan ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80, in ba haka ba shekara uku huɗu ka ga ya fara gazawa ana tsakiyar walima.

```
0.9 × 0.95 × 0.8 = 0.684
23 ÷ 0.684 = 33.6 kWh
```

A taƙaice ka ninka duk abin da ka samu da kusan ɗaya da rabi. Layin 150 na son batir wajen yunit 34, na 140 wajen 69, na 130 wajen 120, na 120 kuma wajen 187. Kaga batirin da aka kawo maka tayi na mai son sauke kilowat 50 ne.

Toh mu zo kan kuɗi, da farashin da shi mai solar ya ba ka da bakinsa, miliyan 80 a raba 200, naira 400,000 kowane yunit. Bayan an gyara PF zuwa 0.95, kowane kilowat 10 da ka sauke kimanin 10.5 kVA ne, naira 126,000 a wata, miliyan ɗaya da rabi a shekara. Goman farko batirinsa wajen yunit 10 ne, miliyan 4 da ɗoriya, ƙasa da shekara uku ya mayar da kuɗinsa. Na biyu wajen yunit 23, miliyan 9.4, shekara shida da 'yan watanni. Na uku yunit 35, miliyan 14, ya haura shekara tara. Na huɗu ya haura shekara goma sha uku, na biyar wajen goma sha takwas, lokacin batirin kansa an daɗe da canza shi. Ni a ganina a 150 za ka tsaya, in aka haɗa goma biyun farko kuɗinsu wajen miliyan 13 da rabi ne, suna rage miliyan 3 a shekara, shekara huɗu da rabi kenan. Na miliyan 80 ɗin kuwa, ko ya yi aiki ba kuskure kowane wata, miliyan 7.6 zai rage a shekara, ya haura shekara goma. Ka lura dai ƙaramin tsari kowane yunit ɗinsa ya kan ɗan fi tsada, don kuɗin inbata da na'urar sarrafawa da na aiki ba sa raguwa daidai da batir, saboda haka ka sa ya sake maka farashi a kan ƙaramin, inbata daban batir daban, ka maimaita lissafin.

Akwai wani zato a cikin lissafin nan da ya kamata in fito da shi fili. Na ɗauka kowane wata za ka sauke kilowat 20. Amma in ka bar iyakar a 150 shekara duka, a watan Disamba da Janairu da lodinka ƙila ko 120 bai kai ba, batirin zai zauna ne kawai yana kallo, ba ka rage komai ba. Dole a riƙa sauya iyakar gwargwadon yanayi, ta zafi daban, ta damina daban, ta hunturu daban, kuma kowacce sai an yi mata nata lissafin da bayanan watanta. Sannan ka ɗauko yarjejeniyar ka karanta ta da kyau, wasu suna da sharaɗin cewa ba za a caje ka ƙasa da wani kaso na lodi mafi girma da ka taɓa ja cikin watanni 12 da suka wuce ba. In akwai wannan, rabin awa ɗaya na Afrilu zai bi ka har shekara ta zagayo, ranar zafi ta ƙara daraja kenan sosai, rage lodin hunturu kuma ƙila ba zai amfane ka ba. Wasu kuma suna da mafi ƙarancin kVA da dole ka biya ko ka ja ko ba ka ja ba, in nasu 170 ne misali, duk abin da ka sauke ƙasa da haka ka yi wa banza.

Game da ƙarfin inbata, lissafi ya ce kilowat 20, amma ni ba zan sa ƙasa da 30 ba, mai layi uku, kuma wanda ke aiki kafaɗa da kafaɗa da wutar kamfani, yana ƙara nashi a kan nasu, ba irin na gida da ke jira sai an ɗauke wuta ya karɓa ba. Rarar goman nan ta ranar da zafi ya fi na bara ne ko aka ƙara firiza biyu a kicin ba a gaya wa kowa ba. Sai ka duba takardar batirin, da yawa daga cikinsu an yarda su fitar da rabin girmansu ne a awa, za ka ga an rubuta 0.5C. Batir mai yunit 34 kenan kilowat 17 zai iya bayarwa a jere, bai kai 20 ɗin da muke so ba. Saboda haka a nan ba yawan yunit ne ya tsayar da girman ba, saurin fitarwa ne, sai mun kai 40 kafin a samu kilowat 20. Da za a ce in rubuta oda a kan misalin nan, inbata 30 zan rubuta da batir yunit 50, mai hawa-hawa wanda za a iya ƙara masa wani daga baya in bayanan shekara sun nuna akwai riba. Ko da farashin mai solar, miliyan 20 kenan, wajen shekara shida da rabi, har yanzu nesa da 80.

Wani zai ce me zai hana batirin tubula mai ruwa tunda ya fi arha. Rabin girmansa kawai ake amfani da shi in ana so ya yi ƙarko, lambar da ke jikinsa kuma ta fitarwa a hankali ce cikin awa 10 ko 20, in ka matsa masa ya bayar cikin awa biyu abin da zai fito ya ragu sosai. Ga zafi, kowane ƙarin digiri kamar 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa kusan biyu. Wannan aikin ba nasa ba ne.

Shi ma litiyam ɗin ba ya son zafi, kar a yaudare ka. A Maris da Afrilu da Mayu zafin Kebbi na haura digiri 40 a inuwa, ɗakin da ke jikin na janareta mai rufin kwano kuma ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma abin haushin shi ne daidai lokacin da ka fi buƙatar batirin lokacin ne ya fi ɗaukar zafi, inbata ya rage ƙarfinsa da kansa don kare kai, ko na'urar da ke gadin batirin ta katse shi baki ɗaya da ƙarfe uku na rana. A ware masa ɗaki mai ƙaramin esi, a riƙe shi kusa da digiri 25 zuwa 30, a toshe ƙura, sannan wutar esin ita ma a sa ta cikin lissafin lodi.

Sai batun caji, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Yunit 23 da ya fitar zai ci wajen 26 kafin ya cika, asarar yunit uku a rana ba wani abu ba ne. Matsalar ita ce yaushe kuma da wane ƙarfi. Caji shi ma lodi ne, mita tana ƙirga shi. Dole a saita cewa lodin gini da na caji in an haɗa kar su haura iyakar. Otal kuma sau da yawa tsini biyu gare shi, na rana da na dare wajen ƙarfe 8 zuwa 11 lokacin da baƙi suka koma ɗakuna kowa ya kunna esi da hita. In na daren shi ma yana haura 150, ka duba ko tsakanin ƙarfe 5 da 8 akwai sararin da batir zai cika. A misalinmu ƙarfe 6 lodi 116 ne, akwai sararin kilowat 34, caji da kilowat 15 na awa biyu ya wadatar. In babu sarari, sai ka haɗa yunit ɗin tsini biyun ka ɗauke su abu guda, girman batir ya tashi.

Mafi haɗari shi ne lokacin da aka dawo da wuta bayan an ɗauke. Ɗakuna sun yi zafi, firizoji sun saki, tankin ruwa ya sauka, komai ya tashi lokaci guda kuma ya daɗe yana aiki, sannan inbata ya ga batirinsa ya yi ƙasa ya fara caji da duk ƙarfinsa. Ta haka sai ka ga batirin da aka saya don rage lodi shi ne ya ɗora kilowat 30 a kan ƙololuwar wata. A saita jinkirin caji bayan dawowar wuta, minti 30 zuwa awa ɗaya, a kuma tayar da manyan na'urori bi da bi. Haka nan in kana son batirin ya riƙe fitilu da risefshan lokacin da ba wuta, ba laifi, amma wannan aiki ne na biyu, a ƙara masa nashi yunit ɗin, a kulle kason aske lodi kar a taɓa shi. In aka tatse shi da safe saboda an ɗauke wuta, ƙarfe uku ta yi ba komai a ciki, rabin awa ɗaya ya wuce a 170, shikenan ragin watan gaba ɗaya ya tafi ko da sauran kwana 29 ya yi aiki lafiya.

Bayan an haɗa, ga yadda za ka gane ko yana aiki ba sai ka jira bil ba. Zoben awon karent da ke gaya wa inbata lodin gini dole ya zauna a kan babban layi dab da mitar kamfani, ta yadda zai ga duk abin da mitar ke gani. In aka ɗaura shi bayan wani reshe ya riga ya fita, misali layin wanki ko na famfo, inbata zai riƙa nuna 148 mita na nuna 160. In aka juya fuskarsa ko aka haɗa zoben layi ɗaya da boltejin wani layi, za ka ga lambobi marasa kan gado, wani lokaci yana caji daidai sanda ya kamata ya bayar. Ranar farko ka tsaya da kanka ka kwatanta allon inbata da na mita, a kunna esin zauren gabanka ka ga batir ya fara fitarwa da lodi ya taɓa iyaka. Iyakar kuma a sa ta ƙasa kaɗan, 146 ko 147 in 150 ake nufi. Sannan duk ranar biki ka duba kason da ya rage a batir da ƙarfe 5 na yamma. In kullum yana sama da kashi 60, kana da damar sauko da iyakar kaɗan. In yana taɓa ƙasa kafin lodi ya sauka, ɗaga iyakar nan take, gara ka riƙe 155 daram da ka nemi 145 batir ya mutu a hanya ka koma 170.

Sola da za a iya ce maka a haɗa tana taimakawa, tunda tsininka na rana ne tana rage faɗinsa, amma ba a rage girman batir saboda ita, hadari ɗaya na Agusta ko ƙurar hunturu mai kauri na rabin awa ya isa ya mayar da lodin kan mita. Ribarta a kuɗin yunit take, a lissafa ta can.

Kuma tun kafin duk wannan, gobe ma za ka iya farawa da abin da ba ya cin ko kwabo. A cika tankunan ruwa da asuba, famfo mai kilowat 7.5 ya daina tashi tsakanin ƙarfe 2 da 4. Masu wanki da guga su gama kafin azahar ranar da akwai taro. Esin zauren kuma a kunna rabi tun ƙarfe 11 ya sanyaya a hankali maimakon a tayar da su duka ana saura rabin awa baƙi su iso. In waɗannan suka sauke maka kilowat 10 zuwa 15, siffar lodin ta canza, saboda haka ka yi wata guda a haka, ka sake sauke bayanan mita, da sababbin lambobin za a yi lissafin batir. In sun fito ka turo su, da shafin yarjejeniyar da ya yi maganar cajin kVA, mu ja layin tare.